Kwanfon lissahi na sankiyam: yadda za mu raba maki 20 ba a cuci wani aji ba

Madam Hadiza: Salamu alaikum malamai, barkanku da hutawa. Don Allah ina neman shawara kuma ku yi haƙuri zan yi tsawo. A makarantarmu nan Maradi muna da sankiyam ukku, A da B da C, kowane da malaminshi na lissahi amma suje guda ake yi ma duka a kwanfo. Wancan zango wani abokin aikina ne ya fiddo suje, da na zamna na ƙirga sai na iske maki 11 cikin 20 duk faraksiyo ne, 6 rilatif, 3 tiriyangil, shike nan. Simetiri da munka yi sati guda cur muna zane da kwamfa ko tambaya ɗaya ba ta hito ba. Akwai yarinyar da ta hi kowa iya zane a ajina, ta samu 6 bisa 20, ta zo tana kuka tana ce min madam to mi ya sa munka sayi kwamfa. Wallahi ban samu abin ce mata ba. To yanzu darakta ya ce ni zan fiddo na wannan zangon, saura sati ukku, kuma ba ni son in yi ma yaran wasu abin da anka yi ma nawa. Ta ina ake farawa?

Mushe Lawali: Wa alaikumus salam madam. Ai abin mai sauƙi ne, babi nawa kunka yi? in biyar ne ki raba 20 gida biyar, kowane babi maki 4, babu wanda zai ce an cuce shi. Ni haka nike yi nan Tasawa shekara da shekaru kuma ban taɓa samun ƙorahi ba.

Madam Hadiza: Biyar ne mushe, amma ba tsawonsu ɗaya ba fa. Faraksiyo mun daɗe kanta sosai, simetiri kuwa kwana kaɗan.

Malam Issufu: Hadiza ƙanwata sannu da ƙoƙari. Lawali ya kama rabin gaskiya, kowane babi ya kamata ya hito, amma raba daidai wa daida ba shi ne adalci ba in lokacin da anka ba su ba daidai ba ne. Kamin ki rubuta tambaya ko ɗaya ki ɗauko kayen tekis na ajinki ki ƙirga awa nawa kinka yi ma kowane babi a wannan zangon, abin da anka yi da gaske nike nuhi, ba abin da ke rubuce cikin furogaram ba. Ki turo mana nan mu yi lissahin tare.

Ide surbeyan: Madam in barem ne kike nema ina da na bara cikin ofis, ki biyo da sahe in ba ki ki yi fotokofi

Malam Issufu: Ide an gode amma ba barem take nema ba tukuna. Barem bayan an rubuta tambayoyi ake yin shi, shi ke cewa layi kaza rabin maki, amsa kaza maki ɗaya. Abin da muke magana kai shi ake yi tun babu tambayar, kamar yadda magini ke ja layi a ƙasa ya ce nan ɗaki nan zaure kamin a kawo bulo.

Ide surbeyan: To na gane, ni dai in an gama a kawo min da wuri saboda injin fotokofi ba kullum yake tashi ba

Madam Hadiza: Na ƙirgo malam. Ga abin da na samu a sankiyam A, kuma na tambayi mai B ya ce nashi kusan haka ne, bambancin awa ɗaya ne nan da can:

faraksiyo awa 12
rilatif awa 10
furoposiyonalite awa 8
tiriyangil da kusurwa awa 6
simetiri awa 4
duka awa 40

Malam Issufu: Madalla, kin ma yi sa'a lissahin ya hito sumul. Awa 40 maki 20, ke nan kowace awa biyu ta ci maki ɗaya. Faraksiyo 6, rilatif 5, furoposiyonalite 4, tiriyangil 3, simetiri 2. Ki haɗa ki gani 20 ne. Yanzu ki aza shi kusa da na wancan zango ki ga inda ciwon yake, ko da awoyin wancan zangon ba waɗannan ba ne, babin da anka yi ma sati guda bai kamata ya tashi da sihiri ba. In da bai hito daidai ba, misali ki samu 4,6 ko 2,3, sai ki kai shi ga rabi ko cikakken da ke kusa, ki duba dai jimla ta koma 20, ba sai an tsananta ba.

Amma wannan layi ɗaya ne kawai na tabulon. Akwai na biyu wanda shi ne mutane ke mantawa: wane irin tunani tambayar ke nema ga yaro. Kina iya raba babi biyar ɗin nan daidai yadda munka yi amma duk tambayoyin su zama na harda, yaron da ya haddace kaye ya cinye 18 wanda ya gane abin bai samu inda zai nuna ba. Ko kuma duk su zama furobulam masu wuya, aji duka ya zube ƙasa da 8 ki kasa bambanta wanda ya yi ƙoƙari da wanda bai buɗe kaye ba.

Madam Rabi: Wannan ba shi ne na Bloom ɗin nan ba da anka yi muna a formasiyo? mataki shidda ne in ban manta ba, an ba mu takarda mai jerin kalmomi, in tambaya ta fara da "ambaci" mataki na ɗaya ne, in "lissafa" na ukku, in "bayyana dalili" na sama. Ni da ita nike aiki, ina duba kalmar farko in san matakin.

Malam Issufu: Shi ne Rabi, tsarin Bloom na 1956, an sake gyara shi 2001, kuma shidda ne kamar yadda kinka ce. Amma suje na awa biyu mai maki 20 ba ya ɗaukar gida shidda, in kinka yi babi biyar sau shidda kin samu gida 30, maki bai ma kai ɗaya ɗaya ba. Ni ukku nike ba malamai shawara. Na farko yaro ya tuno ko ya gane abin da anka koya mishi. Na biyu ya yi aiki da ƙa'ida a irin aikin da ya saba amma da sabbin lambobi. Na ukku a kawo mishi abin da bai taɓa gani da wannan siffa ba, shi zai zaɓi hanyar da kanshi kuma ya faɗi dalili.

Maganar kalmar farko kuwa, nan ne ba mu tare. Kalma ba ta isa ta nuna mataki. Bari in ba ki misali da faraksiyo. Manomi ya shibka gero a 1/3 na gonarshi, aya a 1/4, sauran ya sa gujiya, kashi nawa ne na gujiya? Amsa 5/12. In yaro bai taɓa ganin irin ta ba, dole ya gano da kanshi cewa gona duka ita ce 1, ya haɗa 1/3 da 1/4 ya samu 7/12, ya cire daga 1, babu wanda ya ce mishi haɗa ko cire, wannan mataki na ukku ne. Amma in Hadiza ta yi wannan tambayar a tabulo ranar Talata da waɗannan lambobin, yara sunka kwahe cikin kaye, ta sake kawo ta a kwanfo, to ta koma harda, ko da ta rubuta "bayyana dalili" da manyan baƙaƙe a kanta. Kalmomin tambayar ba su canza ba, abin da yaron ke yi cikin kanshi ne ya canza.

Madam Rabi: Ikon Allah. To ke nan ni duk furobulam ɗin da nike sawa a ƙarshen suje ina cewa na tunani ne, daga cikin waɗanda munka yi a bita nike ɗaukowa, don ina tausayinsu kar su faɗi. Shi ya sa kenan suke cinye shi amma in na ba su wani a dabuwar sai su tsaya suna kallona

Malam Issufu: Alamar kenan, kin gano da kanki. In tambayar da kike ce ma mai wuya kusan duk aji sun ci ta, har da waɗanda sunka kasa 2/3 + 1/4 a sama, to ba tunani sunka yi ba, tunowa sunka yi.

Mushe Sani: Malam Issufu da girmamawa, ni ban yarda da a riƙa kawo ma yara abin da ba su gani ba. Yara 90 gare ni a aji guda nan hanyar Madarumfa, wasu ƙasa suke zamne, rabinsu faransancin tambayar ma ba su gama karantawa ba balle su yi tunani kanta. In ka sa musu sabon furobulam ba lissahi ka auna ba, karatu ka auna. Yaron da ke taya babanshi awo a kasuwa ya hi ni saurin lissahin kai amma ka rubuta mishi layi biyar na faransanci sai ya bar takarda fara. Wannan adalci ne?

Malam Issufu: Sani wannan magana taka gaskiya ce kuma ba zan kauce mata ba. Tambaya mai dogon labari tana auna harshe kamin ta kai ga lissahi. Amma maganin ba a cire tunani ba ne, a gajarta jimla ne. Layi biyu, kalmomin da sunka saba ji a aji, abin da sunka sani a gida, in da hali ƙaramin zane ko tabulo. Kuma ban ce suje duka ya zama haka ba, maki 5 cikin 20 nike ba shi. Tunowa 5, aiki da ƙa'ida 10, sabon abu 5. Yaron da ya bi darasi ya yi aikinshi yana da 15 a gabanshi tun bai taɓa na ukkun ba, muwayan ba ta kuɓuce mishi ba. Biyar ɗin nan ita ke raba mai 14 da mai 18. Kuma 5, 10, 5 ba aya ba ce, shawara ce, in taron malaman lissahi naku na UP ya ga 6, 10, 4 ya hi dacewa da ajinku ku yi, abin dai a yanke shi kamin a rubuta tambaya ba bayan an rubuta ba.

Mushe Sani: To in maki 4 ko 5 ne da sauƙi. Amma ina nan kan bakana cewa a sizam ban wuce 3

Madam Hadiza: To bari in gwada cika gidajen ku gyara min. Lamba ta farko tunowa, ta biyu aiki da ƙa'ida, ta ukku sabon abu

faraksiyo 1, 3, 2 (6)
rilatif 1, 3, 1 (5)
furoposiyonalite 1, 1, 2 (4)
tiriyangil 1, 2, 0 (3)
simetiri 1, 1, 0 (2)

in an haɗa ta tsaye 5, 10, 5. Ya yi?

Mushe Lawali: Lissahin ya hau madam, na haɗa ta ko'ina. Amma ni abin da na hango, duk tunanin kin tara shi wajen lambobi, jewometiri sihiri biyu. Yarinyar nan taki mai kwamfa har yanzu ba ki ba ta inda za ta nuna kai ba, zane kawai za ta yi.

Malam Issufu: Lawali ka riga ni, idonka ya gani. Ba dole kowane gida ya cika ba, simetiri mai maki 2 ba ta iya ɗaukar mataki ukku, a bar sihirin nan ba laihi. Amma tiriyangil tana iyawa. Ki ɗauke maki ɗaya na sabon abu daga faraksiyo ki kai tiriyangil, ki maido ɗaya na aiki da ƙa'ida daga tiriyangil zuwa faraksiyo. Faraksiyo ta zama 1, 4, 1, tiriyangil 1, 1, 1, jimla ba ta motsa ba ta kwance ko ta tsaye. Tambayar kuma ba sai ta yi tsawo ba: wani ɗalibi ya ce ya zana tiriyangil mai kusurwa 90, 60 da 40, yana da gaskiya? Yaron da ya san jimlar kusurwoyi 180 ce zai haɗa ya samu 190 ya ce ba ta yiwuwa. Ba ki ce mishi ya haɗa ba, shi ya gano abin da zai duba. Sharaɗin dai kar a ce kun yi irin ta sak a aji.

Madam Hadiza: Ba mu yi ba, kullum biyu nike ba su su nemo ta ukku. Na ɗauka. To furoposiyonalite fa, ga abin da na rubuta a buruyo. Maki ɗaya na tunowa: in ba su ƙaramin tabulo wanda ya dace su faɗi lambar da ake ninkawa da ita. Maki ɗaya na aiki: tiya 4 ta gero 3000 F, nawa ne tiya 6, amsa 4500. Maki biyu na sabon abu: wani na saida tiya 4 a 3000 F, wani tiya 5 a 3600 F, wa ya hi arha kuma don mi.

Malam Issufu: Ta ƙarshen ta yi kyau ƙwarai, don yaron da bai yi tunani ba zai ce mai 3000 ya hi arha tunda kuɗin ya hi kaɗan, wanda ya gane zai nemo kuɗin tiya ɗaya, 750 da 720, ya ce na biyun. A barem ki ba hanya maki ɗaya, hukunci da dalili maki ɗaya. Abu ɗaya zan gyara: tambaya ta biyu da ta ukku duk da tiya 4 a 3000 sunka fara, wanda ya yi kuskuren raba 3000 gida 4 a sama zai ɗauko kuskuren ya sauko da shi, kuskure guda ya ci mishi maki ukku. Ki canza lambobin ta biyun ko ki sa wani kaya daban, kowace tambaya ta tsaya da ƙahwarta.

Mushe Sani: Kuma ki rubuta F ɗin baro baro madam. Yaranmu da dala suke ƙirga, 3000 a kansu jika ukku ce, 750 kuwa dala ɗari da hamsin, na taɓa samun wanda ya rubuta min 150 a matsayin amsa kuma wallahi lissahinshi daidai ne a kasuwa, sai da na kira shi ya yi min bayani sannan na gane

Madam Rabi: hhhh ni ma ya taɓa faruwa da ni, to ka ba shi makin?

Mushe Sani: Na ba shi na hanya na hana shi na amsa, har yau ban tabbata na yi daidai ba

Madam Hadiza: Malamai akwai matsala fa. Yanzu na gama waya da mai ajin C, ta yi hutun haihuwa a farkon zango kuma wanda ya riƙe mata ajin bai yi nisa ba. Faraksiyo da rilatif da tiriyangil ta gama, furoposiyonalite awa 2 kawai ta yi cikin 8, simetiri ba ta taɓa ba sam. In na fiddo sujen nan yadda munka tsara, yaranta sun shiga da kusan maki 5 ko 6 da ba su da hanyar samu. Ke nan abin da nike gudu shi zan aikata.

Mushe Lawali: To ai sai a tsaya kan abin da duka ukkun sunka yi. Ba a tambayar yaro abin da ba a koya mishi ba, wannan kam babu jayayya.

Malam Issufu: Babu jayayya kan ƙa'idar Lawali, amma mu lissafa mu ga inda za ta kai mu. Abin da duka sunka yi: 12 da 10 da 6 da 2, awa 30. In an raba maki 20 kai, faraksiyo 8, rilatif wajen 7, tiriyangil 4, furoposiyonalite 1, simetiri babu. Ka duba da kyau, ya kusa komawa sujen wancan zango da Hadiza ke kuka da shi. A da B sun yi awa 10 da ba za a tambaye su komi a kai ba, kashi ɗaya cikin huɗu na aikin zangonsu kenan, kuma yara suna lura, in sunka ga babin ƙarshe ba ya hitowa a kwanfo, zango mai zuwa ba za su saurare shi ba.

Amfanin yin tabulon da wuri kenan, saura sati ukku. Hadiza awa nawa gare ku a sati?

Madam Hadiza: Biyar

Malam Issufu: To tana da awa 15, abin da ya rage mata awa 6 da awa 4, goma kenan, ta samu 5 na bita. Ki kai mata tabulon gobe, ba tambayoyin ba, rabon makin kawai, ta san abin da ke jiran yaranta ta tsara sauran kwanakin a kai.

Mushe Sani: Malam a takarda ne yake 15. Ka cire ranar da za a yi taro, ka cire satin ƙarshe da rabin aji ba su zuwa, ka cire dabuwar da ba ta yi ba tukuna tana bin su. Kuma darasin da anka yi a guje cikin kwana goma ba ɗaya yake da wanda A sunka yi a natse sunka yi aikin gida sunka gyara ba. A kayen tekis za a ga awa 8 da awa 8, a kan yaran ba haka ba ne. Ni a ganina a yi maki 14 na kowa da kowa, sauran 6 kowane malami ya sa nashi daga abin da ya koyar, tunda dai matsayi cikin aji ake fiddawa ba tsakanin azuzuwa ba.

Madam Hadiza: Ni ma na so haka mushe amma darakta ba ya yarda da suje biyu, ya ce dalilin suje guda shi ne a san ajin da ke baya, in kowa ya sa nashi an ɓoye ramin

Malam Issufu: Shi ma yana da hujja, Sani ma yana da. Ramin dai an riga an san shi, yana cikin kayen tekis, ba sai an kada yara 80 a tabbatar ba. In ni ne zan tahi ma darakta da tabulon a hannu in ce ga gida biyar da C ba su kai ba tukuna, a ba mai C sati biyu, ranar da za a kai suje fotokofi a sake duba kayenta. In ta gama furoposiyonalite ba ta kai simetiri ba, maki 2 ne kawai ake magana, ana iya musanya ma C su da tambayar tiriyangil mai mataki iri ɗaya, tunowa ɗaya aiki ɗaya, 18 ya zama na kowa. Abin da ban so shi ne a ce "zaɓi ɗaya cikin biyu" ga duk azuzuwan, don kowa zai gudu ma wadda ta hi wuya, rabon da kinka sha wahalar yi ya rushe.

Madam Rabi: Tambaya malam, su yaran fa, ana iya gaya musu rabon makin? ni ina ganin kamar an buɗe musu suje ne

Mushe Lawali: A'a kar a gaya musu, in sunka ji simetiri maki 2 ce ba mai buɗe ta

Malam Issufu: Ni ina gaya ma nawa lokacin da nike riƙe da aji, babi da makinshi, ban da tambayoyi. A BEPC ma ai kowa ya san kowehisiyan na kowace matiyar kuma ba a ce an buɗe jarabawa ba. Amma abin da Lawali ya faɗa yana faruwa, na gani da idona, wasu sun bar ƙaramin babi da gangan. Wannan na bar ma Hadiza, ita ta san yaranta.

Abu na ƙarshe kamin ki kai ma Ide: lokaci. Awa biyu minti 120 ne, maki 20, kusan minti 6 ga kowane maki. In tambaya mai maki ɗaya tana cin minti 15, kamar zanen simetiri mai tabo takwas, to ko ki rage tabon ko ki ƙara makin. Ki zamna ki yi sujen da kanki da agogo, da bik da kwamfa, ki rubuta komi kamar ɗaliba, abin da kinka samu ki ninka sau ukku ko huɗu. In ya wuce 120 ya yi yawa, kuma waɗanda za a bari ba a taɓa ba su ne na ƙarshen takarda, in kinka jera duk na sabon abu can ƙasa to layin nan na ukku ya zama ado.

Madam Hadiza: Zan warwatsa su cikin kowane egizasis to, mai sauƙi a sama mai tunani a ƙasanshi. Na gode ƙwarai malamai Allah ya saka. Gobe da sahe zan ga mai C sannan mu shiga wajen darakta tare, ban san ko zai yarda da musanyar maki biyun ba. Mushe Sani in ka samu lokaci zan turo ma tambayoyin kai kaɗai ka duba min faransancin, duk jimlar da ka ga yaranka ba za su gane ba ka ja mata layi.

Mushe Sani: Turo bayan isha'i, yanzu ina hanya

Ide surbeyan: Madam in akwai zane a ciki ki yi shi da baƙin bik mai kauri, wancan karon layukan tiriyangil ba su hito ba sai da munka bi aji aji muna sake zanawa a tabulo